Idan An Ɗauke Wuta: Ƙawata Tsakar Gida da Fitilun Sola

  Ina gaida mutanen birnin Tawa, na Bilbis da Wadata da Sabon Gari. Ina gaida na arewacin Adar, mutanen Afala da Barmu da Takanamat da Kalfu, har zuwa Tabalak. Uwargida da ke bakin murhu, sannu da aiki. Maigida da ke kan tabarma a ƙofar zaure, barka da hutawa.

Yau zancenmu na fitila ne. Fitilun sola, masu cin hasken rana, waɗanda ake ƙawata tsakar gida da su idan an ɗauke wuta ta daɗe ba ta dawo ba.

Mu a nan ba baƙin duhu ba ne. Kaso mai yawa na wutar da Nijelek ke raba wa Tawa da Maraɗi da Damagaram daga Najeriya take shigowa, ta layin Katsina. Kun tuna watan Agustan 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa daga can. Sai cikin Maris na 2024 aka maido ta. Akwai tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, tana taimakawa. Amma da bazara ta kama, kowa ya kunna fanka da firji, sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Ƙauyuka da yawa kuwa ko turken waya bai kai gare su ba.

To, a irin wannan hali ne za a yi suna, za a kai amarya, za a yi daren Sallah. Kowa na son gidansa ya yi kyau. Shirin namu kashi huɗu ne. Da farko labarin wani gida. Sai lissafi, ɗan kaɗan, kada ku gudu. Sai inda ake kafa kowane abu. Daga ƙarshe, yadda za ku gane ciwon fitila idan ta ƙi kamawa.

Kashi na farko. Labarin gidan yayata.

Yayata tana zaune a nan cikin Tawa. An yi mata jika cikin watan Afrilu, tsakiyar zafi. Ana gobe suna ta je kasuwa, ta sayo igiyoyin fitilu guda uku. Kun san su. Siririyar waya ce mai tsawon mita 10, an jera mata ƙananan ƙwayaye kamar ɗari, kowanne kamar ƙwayar dawa. A ƙarshen wayar akwai ɗan farantin sola, faɗin tafin hannu, da tsinken roba na sokawa a ƙasa. Mai shago ya ce mata suna kwana suna ci.

Yara suka naɗe ɗaya a jikin bedin tsakar gida. Suka ja biyu a bakin rumfa. Ƙananan farantan nan kuwa, suka soke su a gindin bishiya, don kada a taka. Magariba ta yi, fitilu suka kama da kansu, yara suka yi sowa. Gida ya yi kyau, ba ƙarya. Amma kafin mata su gama raba tuwon dare, hasken ya koma ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ana idar da lisha, ɗif. Aka koma haska juna da salula.

Da safe ta kira ni. Ta ce, ƙanena, an cuce ni, zo ka mayar masa da kayansa. Na je na duba. Kayan lafiyarsu ƙalau. Abu uku ne suka haɗu. Farantan sun wuni a inuwar bedi, ba su ga rana ba. Ƙura ta rufe fuskarsu har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Sannan batir ɗin da ke ciki ɗan mitsitsi ne, kuma daga kwali aka fito da shi, bai taɓa cika ba.

Ku riƙe wannan, domin zan yi ta maimaita shi. Hasken da za ka gani da dare, da rana ake tara shi. Da rana ake tara shi.

Ga misalin da duk ɗan Adar zai gane. Mu mun san ruwa, mun san zurfin rijiya. Farantin sola shi ne guga. Batir shi ne randa. Fitila ita ce moɗa. Da rana guga yana zuba wa randa. Da dare moɗa tana ɗiba. In randa ƙarama ce, ko ka wuni kana ja, iyakar cikinta za ta ɗauka. In guga ya wuni a rataye, ko randar ta kai rumbu girma, wayam za ka same ta. Guga, randa, moɗa. Faranti, batir, fitila.

Kashi na biyu ke nan. Lissafi. Wanda ke da alƙalami ya ɗauko.

Kowace fitila tana da abin da take sha. Ana auna shi da wat. Ƙwan da aka rubuta masa wat 3, in ya yi awa ɗaya yana ci, ya sha wat-awa 3. In ya yi awa biyar, ya sha 15. Wat sau awa, shi ke nan. Wat-awa shi ne mudun da ake auna abin da ke cikin randa.

Yaya za ka san girman randarka? Buɗe bayan fitilar, ka duba jikin batir. Za ka ga lamba biyu. A cikin igiyar yayata an rubuta 1.2V, an kuma rubuta 600mAh. Ta farko ƙarfin turawa ce, ana ce mata bolt. Ta biyu yawan abin da ke ciki ce. Ka ninka su, ka raba da dubu. Abin da zai fito bai kai wat-awa 1 ba. Batir ɗin salular da ke aljihunka yana ɗauke da wajen wat-awa 15. Wato ya ninka na igiyar nan kusan sau ashirin.

Kun ga ke nan. Waɗannan ƙananan igiyoyi ado ne zalla. In sun wuni a rana sosai, za su yi ta ƙyalƙyali na wasu awoyi, kuma suna da kyau. Amma ba za su haska miki tukunya ba, ba za su nuna maka kunama a bakin tabarma ba. Ni ina son su, na kuma saya wa gidana. Sai dai a san matsayinsu.

Akwai kuma wani abin da ke ɓata mini rai a kasuwa. Za ka ga babbar fitila, an buga wa kwalinta 200W da manyan haruffa. Juya farantin da aka haɗo ta da shi. Faɗinsa bai wuce takardar makaranta ba. Faranti mai faɗin babbar takarda guda, wat 10 yake bayarwa, ko kusa da haka. In ya wuni a rana mai kyau ya tara wat-awa 40 ko 50. Fitilar da ke shan wat 200 da gaske, cikin minti goma sha biyar za ta lashe wannan. Saboda haka lambar kwali ba ta da amfani gare ka. Dubi faɗin faranti. Dubi lambar batir. Haka kuma batir ɗin nan mai kamar ɗan yatsa, wanda ake rubuta wa 18650. Masu kyaunsa wajen 3500mAh suke ɗauka. In ka ga an rubuta masa 9900, ajiye musu kayansu. Ɗauke shi ma ka ji a hannu, za ka ji ba nauyi.

Bari mu koma gidan yayata. Bayan wata biyu za a kai ƴarta ɗaki, ta ce wannan karo ba ta son jin kunya. Muka zauna da ɗanta da ya dawo daga Abijan, muka yi lissafi a bayan kwali.

Me ake so ya haska? Ƙwai huɗu a ƙarƙashin rumfa da gefen madafi, kowanne wat 3. Wat 12 ke nan. Igiyar ado mai aiki da bolt 12, wadda za ta bi saman katanga, wat 5. Ƙwai ɗaya a ƙofar zaure, wat 3. A haɗa duka, wat 20.

Awa nawa? Daga magariba, wajen ƙarfe 7, zuwa sha biyun dare. Awa 5. Wat 20 sau 5, wat-awa 100. Daga nan a kashe komai, a bar na ƙofar zaure shi kaɗai har asuba. Wat 3 sau awa 6, 18. Mu ce gaba ɗaya 120. Wannan shi ne ruwan da gidan ke sha a dare guda. Wat-awa 120.

Saura randa. Batir ɗin da aka fi samu a kasuwanninmu shi ne mai dalma a ciki, mai bolt 12, ɗan'uwan na mota. Yana da sharaɗi guda. Ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi ake ɗiba, a bar rabi. In kana tatse shi kowane dare, cikin ƴan watanni zai daina riƙe caji. To in ana son 120, sai a nemi mai ɗaukar 240. A raba 240 da bolt 12, ya ba da 20. Wato batir mai lamba 20Ah shi ne mafi ƙanƙantar da zai yi. Mu 40Ah muka saya. Dalili? Hazo. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe sama, ko hadari ya wuni, guga ba ya kawo ruwa sosai. Sai a ci ajiyar jiya.

Saura guga. Allah ya hore mana rana a ƙasar nan. Tun 1969 marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya karɓi jagorancin ofishin binciken makamashin rana na Nijar, yana nuna cewa rana dukiya ce. Amma kada ka lissafa daga fitowarta zuwa faɗuwarta. Rana mai ƙarfi da faranti ke cin moriya, a ɗauka awa 5 ce a wuni. Kuma ba duka ke isa randa ba. Zafi na ci, ƙura na ci, waya na ci. A cire kashi uku cikin goma. Faranti mai wat 30 zai tara wajen 105. Bai kai 120 ba, kullum ana cin bashi. Mai wat 50 zai tara wajen 175. Ya biya, har da saura. Shi muka ɗauka.

Na sake faɗa a hankali. Fitilu wat 20. Batir 40Ah. Faranti wat 50. Sai ƙaramin akwatin da ke shiga tsakaninsu, wanda masu gyara ke kira regilata. Aikinsa shi ne ya tsayar da caji in batir ya cika, ya kuma yanke fitilu in batir ya yi ƙasa. Mai lamba 10A ya wadatar. Kada wani ya ce maka a haɗa faranti da batir kai tsaye don a rage kuɗi. Abin da ka rage a nan, za ka biya shi ninki a sabon batir.

Wajen haɗawa akwai tsari. Batir ake fara ɗaurawa a jikin regilata. Sannan faranti. Sannan fitilu. Jar waya ga alamar tarawa, baƙa ga alamar ɗebewa. Batir, faranti, fitilu. In za a kwance, a faro daga ƙarshe.

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna zancen ƙawata tsakar gida da fitilun sola ne lokacin ɗaukewar wuta. Mun shiga kashi na uku. Ina ake kafa kowane abu?

Mu fara da faranti. Wurinsa saman soro, ko kan dogon turke, inda inuwa ba ta taɓa shi daga hantsi zuwa la'asar. Ba inuwar bedi, ba ta katanga, ba ta eriya. Kada ka ce ai ɗan gefe kawai inuwar ta kama. Ƙananan gidajen da kake gani a fuskar faranti a jere suke, kamar mutanen da ke miƙa wa juna bokiti. In ɗaya ya tsaya, layin duka ya tsaya. Kashin tattabara guda a kan gida ɗaya yana iya rage maka wuta fiye da yadda kake zato.

Fuskarsa ta kalli kudu. In kana fuskantar gabas, kudu na hannun damanka. A ɗan kishingiɗa shi, kamar digiri 15, gwargwadon inda Tawa take a doron ƙasa. In farantin ya kai tsawon kamu biyu, ɗaga bayansa kamar rabin kamu. Wannan kishingiɗar tana kuma sa ruwan sama ya wanke shi ya gangara. A bar sarari a ƙarƙashinsa iska ta riƙa wucewa. Mutane na zaton zafi ne ke ba faranti ƙarfi. A'a, haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. In ka kwantar da shi a kan kwano da tsakar ranar Mayu, yana iya asarar kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa. A kuma ɗaure shi tam. Kun san iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, wadda ke yaye rufin ɗaki.

Sai shara. Wannan aikin yara ne, a ba su shi kamar yadda ake ba su ban ruwan awaki. Da sanyin safiya, tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Lokacin hunturu, bayan kwana biyu ko uku. Kada a goge shi a bushe, yashi zai kankare gilashin. Kada a watsa masa ruwan randa da tsakar rana yana zafi.

Batir kuma inuwa yake so. Faranti a rana, batir a inuwa. Faranti a rana, batir a inuwa. Batir mai dalma an yi shi ne don yanayi mai digiri 25. Duk ƙarin digiri goma, kusan rabin ransa ke tafiya. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Saboda haka a nemi ɗakin ƙasa mai sanyi, mai shan iska, a ɗora shi kan katako, nesa da murhu da hannun yara. A nan ne fitilun bango masu haɗe da komai a jiki ɗaya suke da rauni a ƙasarmu. Batir ɗinsu na manne a bayan faranti, yana gasuwa wuni guda. In kana da zaɓi, ɗauki wadda farantinta ke rabe, da doguwar waya. Faranti ya hau soro, fitila da batir su zauna ƙarƙashin rumfa.

Yanzu mu zo kan kwalliyar kanta, inda na fi jin daɗin magana.

Farin haske iri biyu ne. Akwai mai kama da hasken walƙiya, fari fat, har yana ɗaukar shuɗi. A kwalinsa za ka ga 6500K. Akwai kuma mai ruwan zuma, kamar na fitilar ƙwai ta da. Shi kuma 2700K ko 3000K. Katangunmu na jar ƙasa ne. In ka haska su da fari fat, sai su yi fari-fari kamar toka, duk wata tsaga ta fito. In ka haska su da mai ruwan zuma, sai jan ƙasar ya tashi, shafen hannun magini ya bayyana. A daren kai amaryar nan mun ajiye ƙwai ɗaya a ƙasa, taku biyu daga bango, yana kallon sama. Inuwar bedi ta hau katangar, ganye na motsi a jikinta. Wata tsohuwa ta tsaya da sandarta tana kallo, ta ce wa yayata, ƴar nan, yaushe kika sake shafe? Ba a sake shafe ba. Haske ne kawai.

Dabarar ita ce, kada ƙwai ya kalli idon mutum. A haska bango, a haska ganye, a haska ƙasa. Ƙwai tsirara a tsakiyar gida yana kashe ido, bayansa kuma duhu ya ƙara baƙi. Muna da abin rufe shi a gida. Tsohuwar ƙwarya, a huda ta da ƙusa mai zafi, a kife ta kan ƙwan, sai ta watsa ɗige-ɗigen haske a rufin rumfa. Ƙaramin kwando ma yana yi. Ƙwayayen zamani ba su da zafi irin na da, amma a bar musu ɗan sarari su sha iska.

Igiyar ado kuma ta bi layin da ginin ya riga ya zana. Bakin ƙofar zaure. Saman katanga. Gefen rumfa. A ƙauye, kewayen wuyan rumbun ƙasa, za ka ga siffarsa ta fito daga nesa. A ɗaga ta sama da inda akuya za ta kai in ta miƙe, domin akuya ba ta barin waya. Mafi yawan igiyoyin nan suna da maɓallin sauya rawa, mai ƙiftawa, mai gudu. Daren biki a bar wa yara mai ƙiftawa. Sauran darare a tsayar da shi cak, ya fi kwantar da rai.

Abu biyu kuma na zaman tare. Na ɗaya, kada fitilarka ta leƙa gidan maƙwabci. Da bazara kowa a waje yake kwana, da iyalinsa. Fitilar da ka ɗora a kan soro ta sunkuya cikin gidanka. Na biyu, da damina haske na kiran ƙwari, fari fat ya fi kiransu. Inda ƙwari suka taru, masu cinsu na biyowa. To mai ƙarfin a kai ta can gefe, nesa da wurin cin abinci da shimfiɗa. A bar ƴar ƙarama ƙasa-ƙasa a hanyar makewayi, don mai fita da dare ya ga inda yake sa ƙafa.

Ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi. Amma in jar waya da baƙa suka haɗu tsirara, batir zai tura wuta mai yawa nan take, wayar ta yi ja, robarta ta kama. Rumfunanmu na kara ne, dangoginmu na zana. Maganinsa ɗan abu ne mai araha, fiyus, irin na mota, mai lamba 5A. A sa shi a jar waya, dab da batir. In an sami matsala shi zai ƙone, gida ya tsira. Kada a kunna ko ƙwai ɗaya sai da fiyus. In ya ƙone kuma, kada a maye gurbinsa da guntuwar waya, a nemo inda wayoyin suka haɗu.

Kashi na huɗu, na ƙarshe. Fitila ta ƙi. Me ya same ta?

In sabuwa ce ta ƙi kamawa, duba bayanta. Akwai makunni, wani lokaci a ƙarƙashin ƴar roba. Da yawa a kashe suke fitowa daga kwali. Kunna shi, ka rufe farantin da hularka. In ta kama, lafiyarta lau. Ka ba ta wuni biyu a rana kafin ranar taro. Wuni biyu, ba ana gobe ba.

In tana kamawa ranar da aka ɗauke wuta, amma ta ƙi ranar da aka kawo, ba aljanu ba ne. Ƙananan fitilun nan da farantinsu suke gane dare ya yi. In ƙwan maƙwabci ko fitilar titi na haska shi, sai ya ɗauka har yanzu rana ce. Juya shi, ko ka matsar da shi.

In da tana kai asuba, yanzu tana mutuwa da wuri, fara da shara. Share faranti, ka duba ko reshe ya tsiro ya yi masa inuwa. Ka tuna kuma rana na sauya hanya. Daga Mayu zuwa farkon Agusta tana bi ta ɗan arewa da mu, da hunturu kuma ta karkata kudu sosai. Wurin da ba inuwa a Yuni yana iya shiga inuwar katanga a Disamba. In ka gyara duk wannan ba ta canza ba, batir ne ya gaji. A ƙananan fitilu ana sauya shi, a sa irinsa daidai, mai bolt ɗaya da na da. Kada a sa batir ɗin tocila wanda ba a caji.

Babban batir kuma, mai gyara zai auna maka shi da mita. A kashe komai, a cire faranti, a bar shi ya huta kamar awa biyu. In ya nuna 12.7, a cike yake. In ya nuna 12.1, ya kai rabi, wurin tsayawa ke nan. In ya wuni a caji amma ya faɗi ƙasa da 12 da an kunna fitilu, ransa ya ƙare. Wanda ya kumbura ko yake yoyo, a cire shi ranar. Kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. A kai wa masu sayen tsofaffin batura.

Saura guda, wadda ta same mu a gidan yayata. Ƙwayayen kusa da ɗaki suna haske sosai, na ƙofar zaure yana lumshe ido. Nisa mita 15 ne, kuma ɗanta ya ja shi duka da siririyar waya irin ta lasifika. Siririyar waya kamar siririn tiyo ce, ruwa na raunana kafin ya kai ƙarshe. A bolt 12 ba mu da rarar da za mu zubar a hanya. In duka wat 20 ɗin nan suka bi waya mai lamba 0.5 a wannan nisa, kusan bolt 2 ke ɓacewa. Muka sauya ta da mai lamba 1.5, asarar ta koma kamar rabin bolt. Muka kuma naɗe kowane mahaɗi da salatif, muka lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga fitila, don ruwan sama ya ɗiga a ƙasa maimakon ya bi ta ciki.

Daren kai amarya, an ɗauke wuta tun la'asar. Fitilu suka ci har aka watse. Da na fito sallar asuba na biyo ta ƙofar gidan, na tarar ƙwan zaure yana nan yana ci, wani jikan yayata kuma ya riga ya jingina tsani, da tsumma a kafaɗa.

Nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.